Saƙon da aka rubuta wa kowa ba ya samun amsar kowa

Shekaranjiya wani matashi da ke koyon ɗaukar hoto ya miƙo mini wayarsa cikin ɓacin rai, yana cewa manyan sana'ar girman kai ne da su, domin ya aika wa mutum 40 saƙo amma ko ɗaya bai tanka masa ba. Da na duba, sai na ga saƙo guda ne ya kwafa ya watsa musu duka: "Salam ranka ya daɗe, ni babban masoyinka ne, ina bibiyar duk ayyukanka. Ina da wata dama da za ta amfane mu baki ɗaya. Don Allah ka turo mini lambarka." Raina ya ɓaci, ba don yaron mugu ne ba, sai don wannan ɗabi'a ta kwafa a watsa ta zama ruwan dare a tsakaninku.

'Yan uwana matasa, ku tsaya a matsayin wanda saƙon ya iske. Bai san ku ba, kuma abin da yake gani a fuskar wayarsa bai wuce layin farko ko na biyu ba. A Facebook da Instagram ma saƙon baƙo yakan faɗa wani akwati dabam da ba kullum ake leƙawa ba, a WhatsApp kuwa ana nuna masa maɓallin `Block` tun kafin ya yanke shawarar amsawa. A wannan ɗan layi zai gane ko da shi ake, ko kuwa jifa ne aka yi cikin duhu. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma ku kuna gaisuwa ba ku san da wanda kuke ba. "Ina bibiyar duk ayyukanka", wane aiki? "Wata dama", wace dama? Da waɗannan kalmomi 'yan talla da 'yan damfara suke buɗe baki, don haka wanda ya yi shiru ba wulaƙanci ya yi muku ba, kansa ya kare. Wani ma ko wahalar kwafa ba ya yi, tura saƙon kawai yake yi da tambarin `Forwarded` a samansa, wani kuma ya bar sunan wanda ya aika wa da farko. Ban ma taɓo masu rubuta "Slm" su koma gefe suna jira ba, ko masu aika wa baƙo muryar minti 5.

Na ce wa yaron ya zaɓi mutum ɗaya, ya nuna mini hotonsa guda da ya tsaya masa a rai, sannan ya faɗa mini abin da ke gagararsa. Ga abin da muka rubuta: "Assalamu alaikum Malam. Shekarata guda ina koyon ɗaukar hoto. Na ga hoton dattijon nan a bakin taga da ka saka ranar Talata. Idan na gwada irinsa, ko dai tagar ta yi fari fat, ko fuskar ta yi duhu. Shin da hasken fuskar kake saita kyamara, ko da na tagar? Ko layi ɗaya ya ishe ni, idan kuma babu hali, babu komai."

Wannan saƙo ba zai yiwu a aika wa mutum na biyu ba, domin shi kaɗai ne ya ɗauki hoton nan, kuma da wannan ake gwada kowane saƙon farko: idan za a iya canza suna a tura wa wani ba tare da an gyara komai ba, to talla ce. Sannan buƙatar tana fili, ƙarama ce, ana iya amsa ta a minti guda. Ba a nemi lamba ba, ba a liƙa wani adireshi a ce ya danna ba, kuma an bar masa ƙofar ƙi ba tare da ya ji nauyi ba. Idan mako ya wuce shiru, a tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, daga nan a ƙyale shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a da idan mutum zai rubuta wa wanda bai sani ba wasiƙa, sai ya bincika ko wane ne shi, ya yi gwaji a wata takarda, ya yaga, ya sake, saboda ya san lokacin wani zai ci. Yau sauƙin aikawa ya cire mana wannan kunya, har mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa 40 a dare ɗaya bai san fuskar mai gida ko ɗaya ba, kuma gari ya waye yana ƙorafi. Yaron dai ya aika wancan saƙo guda ɗaya, na kuma roƙe shi kada ya sake taɓa sauran 39 ɗin sai ya zauna ya kalli aikin kowannensu.