Ku daina zagin sabis, ku auna girman fakiti tukuna

Jama'a masu harkar netwok a Katsina da kewaye, akwai abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka ce fayil ya ƙi hawa a cikin VPN, amsar da ake ba mai ofis ɗaya ce: ranka ya daɗe sabis ne babu kyau, a ƙara kuɗin data ko a canza kamfani. Alhali idan ƙananan shafuka suna buɗewa fes, ping yana dawowa, amma da an ɗora fayil sai ya maƙale kamar an ɗaure shi, to wallahi abu na farko da ya kamata a zarga shi ne MTU, wato iyakar girman fakitin da hanya za ta iya ɗauka a tashi ɗaya. Kuma a nawa ganin laifin galibi namu ne masu saita rauta, mu ne muke toshe saƙon da zai sa kwamfuta ta gyara kanta da kanta.

Ga yadda abin ya kasance a wani ofis da babbar cibiyarsu take nan cikin Katsina, reshensu yana Daura. An haɗa ofisoshin biyu da tanel na WireGuard tsakanin rauta biyu na MikroTik, sabar tana Katsina a http://10.10.0.5. Ma'aikatan Daura suna shiga shafin lafiya lau, su duba suna, su cika ɗan fom, har su sauke rahoto mai nauyi daga sabar ba matsala. Amma da sun yi sikanin takarda za su ɗora, sai sandar nan ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya cik, tana nan tana nan har burauza ta gaji ta ce haɗi ya yanke. Wannan ɗan motsin ma yaudara ce, burauza tana ƙirga abin da ta miƙa wa kwamfutar ne, ba abin da ya isa Katsina ba.

Abin da ya fara sa ni kokwanton maganar sabis shi ne, na ce wa yaron da ke kan teburin, ƙanena ɗan gwada mani ƙaramin hoto, ya ɗora wani da bai wuce KB 40 ba, shi ma ya maƙale daidai yadda mai MB 6 ya yi. Rashin ƙarfin sabis ba haka yake ba. In sabis ne ya yi rauni ƙaramin fayil zai wuce, babba ya ja jiki a hankali, wani lokacin da sassafe ya tafi da gudu da yamma ya yi nawa. Wannan kuwa ba ruwanshi da safe ko yamma, duk abin da ya isa ya cika fakiti ɗaya ba ya wucewa.

Lissafin ba wuya. Kwamfuta a kan waya ko wayales ta ofis tana ɗaukar MTU ɗinta 1500 ne. A ciki 20 na kan IP ne, 20 na kan TCP, saura 1460 na ainihin kaya, shi ake kira MSS. Lokacin da kwamfutar Daura da sabar Katsina suke gaisawa kafin a fara aiki, kowacce tana faɗa wa 'yar'uwarta ki aiko mani har 1460, domin ba wadda ta san akwai tanel a tsakani. Shi kuma tanel sai ya naɗe kowane fakiti cikin wani fakitin: WireGuard yana ƙara 60 idan waje IPv4 ne, 80 idan IPv6 ne, shi ya sa za ka ga an saba ba shi 1420. To fakiti mai 1500 ya zo bakin hanyar da ba ta ɗaukar sama da 1420, kuma TCP ya riga ya buga mashi alamar DF, wato kar a yanka ni. Rauta ba ta da zaɓi sai ta yar da shi.

Har nan fa ba a yi laifi ba, haka aka tsara abin tun 1990 a RFC 1191. Idan rauta ta yar da fakitin, sai ta aika wa mai shi ɗan saƙon ICMP, nau'i na 3 lamba ta 4, tana cewa ya yi girma, iyakata 1420. Kwamfuta ta ji, ta rage, aiki ya ci gaba ba wanda ya ma lura. Kamar motar da aka labta wa kaya ce ta zo bakin lungun da ba za ta shiga ba, in mai gadi ya ce direba rage lodi, shi ke nan an sauke an wuce, amma in an rufe wa mai gadin baki, sai direba ya yi ta dawowa da lodin nan dai ana juya shi bai san dalili ba. To a rautar Daura wani ya rufe wa mai gadi baki. Ya sa doka a fayawol cewa a bar ping kaɗai, duk sauran ICMP a zubar, har da wanda rautar take fitarwa da kanta, wai don tsaro. Wannan ɗabi'ar ce nake faɗa da ita. Tsaron me ke cikin hana rautarka magana da kwamfutocin ofishinka?

Shi ya sa ma sauke fayil yake aiki ɗorawa ba ta yi. A ɓangaren Katsina ba a sa waccan dokar ba, sabar tana samun saƙon, tana rage fakitinta. Ɓangaren Daura ne kaɗai yake cikin duhu.

Kuma ba sai an yi ta gardama ba, minti kaɗan ya isa a tabbatar. A kwamfutar Windows ta Daura:

```
ping -f -l 1472 10.10.0.5
ping -f -l 1392 10.10.0.5
```

Ita -f ɗin ita ce alamar kar a yanka, -l kuma girman kaya. Ana cire 28 ne daga MTU, 20 na IP da 8 na ICMP, don haka 1472 shi ne fakiti mai 1500 cif. Na farko ya ba mu Request timed out. Na biyu ya dawo da amsa nan take. Muka gwada 1393 ya mutu. 1392 a tara da 28 ya ba da 1420, bakin tanel ke nan ba ƙari ba ragi. Amma abin da na fi so ku kula da shi ba lambar ba ce, irin mutuwar ce. Da hanya lafiya take da Windows ta ce Packet needs to be fragmented but DF set, wato an yar amma an sanar. Shirun nan shi ne ciwon. Da muka juya gwajin daga sabar Katsina, ita Linux ce:

```
ping -M do -s 1393 10.20.0.15
```

sai ga amsa ɓaro-ɓaro, Frag needed and DF set (mtu = 1420). Hanya ɗaya, wani gefe ana magana wani gefe an yi gum. Mai son ƙarin hujja ya buɗe Wireshark lokacin ɗorawa, zai ga gaisuwa ta wuce lafiya, sannan babban fakiti guda yana ta maimaita kanshi da TCP Retransmission, tazarar tana ƙara tsawo, ba amsa.

Wajen gyara ne nake saɓawa da wasu abokan aiki. Akwai masu bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya suna rage masu MTU da hannu. Yana aiki, ban musa ba, amma gobe a kawo sabon laftof ko oga ya zo da wayarshi ya hau wayales, an koma gidan jiya, kuma wanda zai gaje ka ba zai taɓa sanin me ka taɓa ba. Gyara a bakin tanel ake yinshi. Na farko a buɗe wa ICMP nau'i na 3 lamba ta 4 hanya. Na biyu a sa rauta ta riƙa rage MSS a cikin gaisuwar, 1420 a cire 40 ya zama 1380:

```
/ip firewall mangle
add chain=forward protocol=tcp tcp-flags=syn out-interface=wg0 tcp-mss=1381-65535 action=change-mss new-mss=1380
add chain=forward protocol=tcp tcp-flags=syn in-interface=wg0 tcp-mss=1381-65535 action=change-mss new-mss=1380
```

Ku lura layi biyu ne, kuma nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Sai mutum ya kwafo na farko kaɗai ya liƙa a rautar Daura, ya gwada, fayil ya ƙi hawa, ya ce ashe ba MTU ba ne. Malam, MSS ɗin da kwamfuta take furtawa yana nufin ga girman da za ka aiko MANI. Layin farko yana gyara abin da kwamfutar Daura take faɗa wa saba, wato ya shafi saukewa, wadda dama lafiyarta ƙalau. Mai ɗorawa kuwa yana bin abin da saba ta faɗa mashi ne a amsarta, ita kuma amsar shigowa take daga tanel, layi na biyu ne yake kama ta. Sannan dokar tana aiki ne kan sabon haɗi kaɗai, sai a rufe burauza a sake buɗewa kafin a yanke hukunci. Da muka yi haka takardar MB 6 ɗin nan ta hau kafin yaron ya gama gyara zama.

Wani zai ce tunda rage MSS ya wadatar me ya sa nake naci kan buɗe ICMP. Saboda MSS na TCP ne kawai. Duk abin da ke tafiya kan UDP wannan dokar ba ta ganinshi ko kaɗan, in fakitinshi ya wuce 1420 da alamar DF, saƙon ICMP ɗin ne kaɗai zai cece shi. A IPv6 ma abin ya fi tsanani, rautocin hanya ba sa yanka fakiti sam, in ka toshe Packet Too Big ka kashe kanka da hannunka.

Sai wani abu guda da bai same mu a Daura ba amma yana samun masu tanel a kan layin 4G ko PPPoE. Wani lokacin 1420 ɗin kanta ta yi wa hanyar waje yawa. PPPoE yana cin 8, hanya ta koma 1492, WireGuard kan IPv4 zai shiga tunda 1420 da 60 1480 ne, amma kan IPv6 ya zama 1500, ya wuce. Layukan waya kuma kowanne da nashi, kar ka ɗauka, ka auna. Ka yi wannan gwajin ping ɗin zuwa adireshin waje na ɗaya rautar ba ta cikin tanel ba, ka samo babbar lambar da ke wucewa ka ƙara 28. A ce bayan ka ƙara 28 ɗin ka samu 1400, to a cire 60, MTU na tanel ya zama 1340 kan IPv4, MSS kuma 1300, ka saita su a rautocin biyu duka, Katsina da Daura.