Kiriyatin a hannun yaranmu masu ɗaga ƙarfe a Legas: gaggawar me ake yi?

Duk mai leƙa wuraren ɗaga ƙarfe a Agege, Idi-Araba ko Mil 12 ya san farin garin nan da samari ke kaɗawa a gorar ruwa kafin atisaye. Sunansa kiriyatin, kuma yanzu ya sauko hannun 'yan shekara 15 da 16. Wasu iyayen da sun gan shi sai su ce ƙwaya ce, wasu ba su ma san yana gidan ba. Ni a ganina yaron da bai kai 18 ba ya jira, amma ba don dalilin da aka fi faɗa ba.

Kiriyatin ba sitiroyid ba ne, wato ƙwayar nan mai kumbura tsoka, kuma hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ba ta haramta shi ba. Jiki da kansa yana haɗa kusan giram 1 a rana a hanta da ƙoda, nama da kifi su ƙara kwatankwacin haka. Kusan kashi 95 cikin 100 nasa yana ajiye a tsoka, inda yake taimakawa wajen yunƙuri mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, kamar ɗaga ƙarfe ko gudun mita 100. Garin da ake sayarwa yana cika wannan ma'ajiyar ne kawai. Giram 5 da ke cikin ɗan ludayin robar nan, sai ka ci kusan kilo guda na naman sa kafin ka same shi.

Ga manya, an daɗe ana nazarinsa. Tun bayan gasar Olamfik ta Basalona a 1992 ya yi suna, kuma binciken da aka yi ta yi a kan manya masu lafiya bai nuna yana lalata ƙoda ko hanta ba idan an tsaya a giram 3 zuwa 5 a rana. A kan matasa kuwa bincike kaɗan ne, galibi na 'yan ninƙaya da 'yan ƙwallo ƙalilan, na 'yan makonni, kuma an fi duba ko sun ƙara gudu a kan duba lafiyarsu. Akwai yara marasa lafiya, irin masu ciwon shanyewar tsoka na gado, da likitoci suka ba su na tsawon lokaci ba tare da an ga wata babbar illa ba. Wannan yana kwantar da hankali, sai dai yaron da likita ke bibiya ba ɗaya yake da wanda ke auna gari da cokalin shayi a bayan shago ba.

Shi ya sa masana suka rabu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta goyon bayan a ba wa wanda bai kai 18 ba. Ƙungiyar masana abincin 'yan wasa ta ISSN, a matsayar da ta fitar a 2017, ta ce ana iya ba matashi, amma da sharuɗɗa: ya zama ɗan wasa na gaske da ke ƙarƙashin kulawa, yana cin abinci mai kyau, ya san yadda ake sha, kuma ba ya wuce ƙa'ida. Masu talla suna ɗaukar rabin farko na wannan magana su bar sharuɗɗan a ƙasa. To yara nawa ne a unguwanninmu suka cika su?

Rashin dogon bincike bai tabbatar da illa ba, bai kuma wanke garin ba. Idan hujja ta tsaya a tsakiya haka, sai a duba me za a samu, me za a rasa. Ɗan shekara 16 da ya fara ɗaga ƙarfe, jikinsa na cikin ganiyar girma, zai ƙara ƙarfi sosai da atisaye, tuwo, wake, ƙwai da barci kaɗai. Abin da kiriyatin zai ɗora a kai ɗan ƙari ne, kuma ba ya guduwa: wanda ya fara a 18 zai cika tsokarsa cikin wata guda, kamar wanda ya fara tun da wuri. Jira ba ya ci masa komai.

A ce ga yaro mai nauyin kilo 60, yana taya kawunsa a shago da rana, da yamma ya tafi atisaye. Abokai suka ce masa ya yi “lodi”, wato giram 20 a rana na kwana 5 zuwa 7. Ƙa'idar lodin ita ce a raba shi kashi huɗu, shi kuwa ya kaɗa duka ya shanye a tashi ɗaya. Abin da zai biyo baya sananne ne: murɗawar ciki, kumburi da zawo, ga zafin Legas yana tsotse masa ruwa ta gumi. Bayan mako sikeli ya nuna ƙarin kilo 1 ko 2, sai murna. Ruwa ne da tsoka ta riƙe, nama bai kai ga fitowa ba tukuna. In kuwa ɗan damben zamani ne da ake aunawa kafin gasa, wannan kilon na iya tura shi ajin da ya fi ƙarfinsa. Da giram 3 yake sha kullum, da ya isa wuri ɗaya cikin kwana 28 ba tare da ya wahalar da cikinsa ba.

Sai batun ƙoda, inda ake yawan ruɗewa. Idan kiriyatin ya gama aiki yakan koma wani sinadari mai suna kiriyatinin, wanda da shi ne ake auna aikin ƙoda a gwajin jini. Mai shan garin zai iya ganin lambarsa ta ɗan hau alhali ƙodarsa lafiya lau. Don haka dole a gaya wa likita, “Likita, yaron nan yana shan kiriyatin,” domin ya sa a dakata a sake gwaji, ko ya nemi gwajin sistatin C da garin ba ya taɓawa. Haɗarin ta ɗaya gefen shi ne a ce ai garin ne, a yi sakaci da ciwon gaske. Maganin wannan shi ne gwaji kafin a fara. Kuma binciken da ya wanke kiriyatin a kan masu lafiyar ƙoda aka yi shi. Yaro mai sikila, mai ciwon suga ko hawan jini, ko wanda ke haɗiyar dikulofenak da ibufurofen duk bayan atisaye saboda ciwon jiki, yana bin su da jiƙe-jiƙen kwalba da ba a san haɗinsu ba, wannan ba ya cikin lissafin. Kumburin fuska ko ƙafa, fitsari mai kumfa ko mai launin baƙin shayi, alamu ne na a daina nan take a tafi asibiti.

Abin da ya fi damuna ma shi ne robar kanta. Wani bincike da kwamitin Olamfik na duniya ya ɗauki nauyi, aka wallafa a 2004, ya gwada kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe 13, ya tarar kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da sinadaran sitiroyid da ba a rubuta a jikinsu ba. Sitiroyid kuwa na iya tsayar da tsayin yaron da ƙashinsa bai gama girma ba. Garin da aka ƙulla a leda babu suna, ko wanda aka cakuɗa da wasu sinadarai goma har da sinadarin kafeyin mai hana barci, wa zai rantse da abin da ke ciki?

Na san akwai yaron da ko an hana shi zai saya a ɓoye, kuma gara a zauna da shi da a ƙwace robar. Idan ɗan wasa ne na gaske da koci ke kula da shi, iyaye sun sani, likita ya duba ƙodarsa, ban ga dalilin tayar da jijiyar wuya ba. Sai a nemi kiriyatin monohaidiret zalla, a rufe da hatiminsa, mai lambar NAFDAC da za a iya tantancewa, in da hali mai tambarin Informed Sport da ke nuna an gwada shi. Giram 3 a rana, babu lodi, da isasshen ruwa, a sake gwajin jini bayan 'yan watanni. Wanda kuɗinsa bai kai na gwajin ba, ya sayi kiret ɗin ƙwai da kuɗin robar.