Maganin ciyawa ba ya koya wa ciyawa juriya

Ɗalibai da yawa suna cewa: "Idan aka daɗe ana fesa wa ciyawa magani ɗaya, jikinta ke sabawa har ta daina mutuwa." Ba abin mamaki ba ne a yi tunanin haka, domin manomi yana ganin maganin da ya yi aiki a da ya daina kashewa. Amma wannan fahimta tana damuna, domin tana sa a ƙara yawan magani inda ba zai yi amfani ba.

Mu ɗauki maganin ciyawa mai suna gilifoset. Yana toshe wani sinadarin aiki a jikin tsiro mai suna EPSPS, wanda tsiro ke buƙata wajen haɗa wasu amino asid guda 3, wato tubalan gina furotin. Idan ya toshe, girma ya tsaya, tsiron ya mutu a hankali. To, cikin ɗimbin tsirran gona ana iya samun ƙalilan da tun asali gadon halittarsu ya bambanta: ko sinadarin ya ɗan sauya siffa har maganin ba ya kama shi sosai, ko tsiron yana hana maganin isa wurin. Feshi ya kashe sauran, su kuma su yi iri. Shekara bayan shekara zuriyarsu ce ke cika gonar. Haka aka gano a wata ciyawa a Ostareliya a 1996.

Shi ya sa sauya sunan kamfani ba ya magance komai idan hanyar aikin maganin ɗaya ce. Alamar juriya ita ce a ga ciyawa iri ɗaya tak ta tsira a tsakiyar matattu, alhali an yi feshin daidai. A cire ta da fartanya kafin ta zubar da iri.