Riyal 35,000 bayan shekara 20 a Jidda

Ni na yi lissafin da hannuna, domin ni ne akanta a kamfanin. Baba, direbanmu, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Daura. Shekara 20 cif yana jan motar kaya daga tashar jirgin ruwan Jidda zuwa sito, cikin zafin nan mai danshi da ke manne wa mutum riga a baya tun kafin hantsi. Da idonsa ya fara rauni, sai aka bar kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tanadi kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekarar da ta biyo baya. Albashinsa riyal 2,000 ne. Biyar ɗin farko sun ba shi 5,000, sauran 15 sun ba shi 30,000. Jimla 35,000, da tikitin jirgi, da bizar fita ba dawowa. Ba a cuce shi ko halala ɗaya ba, abin da doka ta ce shi aka ba shi.

A watan kuma wani abokin aikinmu ɗan ƙasa ya yi ritaya, shi ma da shekara 20. Albashinsa 6,000. A tsarin inshorar ma'aikata da suke kira Ta'aminat, ana raba watannin da mutum ya yi yana zubi da 480, a ninka da matsakaicin albashinsa na shekara biyun ƙarshe. Wata 240 rabin 480 ne, don haka zai riƙa karɓar 3,000 duk wata har ƙarshen ransa, bayansa iyalinsa su ci gaba da samun kaso. Kafin shekara ta zagayo ya wuce abin da Baba ya tafi da shi gaba ɗaya. Gaskiya ne ana cire masa kashi 9 cikin ɗari na albashi, kamfani ya ƙara 9, Baba kuwa ba a taɓa cire masa komai ba. Amma ba a tambaye shi ko yana so ba. Baƙo ba ya shiga asusun fansho. Abin da ake biya masa kashi 2 ne kawai, na haɗarin wurin aiki.

Duk wannan na san shi tuntuni, ba shi ya sosa mini rai ba. Muna shan gahawa da dabino a walimar bankwana, ana zuba ta kaɗan-kaɗan a ƙananan kofunan nan marasa hannu, sai wani matashi ɗan ƙasa ya dube ni, da tausayi na gaskiya a fuskarsa, ya ce: "To ku a ƙasarku wa zai riƙe shi? Na ji ba ku da wani tsari." Na rasa abin faɗa, na yi murmushi kawai. Kwana uku maganar tana cina.

A jami'a an koya mana rabe-raben da wani masani ɗan Denmak, Esping-Andersen, ya yi a 1990. Ya ɗauki ƙasashe 18 masu arziki, ya tambaya: idan mutum ya tsufa, ko ya kwanta ciwo, ko ya rasa aiki, har ina zai iya rayuwa ba tare da ya sayar da ƙarfinsa a kasuwa ba? Amsar ta raba masa su gida uku. Irin su Amurka da Kanada, gwamnati tana ba da ɗan abin taɓawa ga wanda aka bincika aka tabbatar ba shi da komai, saura kowa ya sayi inshorarsa. Irin su Jamus da Faransa, haƙƙinka yana bin aikinka da zubin da ka yi, tsarin da ya samo asali tun dokokin shugaban gwamnatin Jamus Bismarck na shekarun 1880, kuma ana ɗauka cewa maigida ke aiki, matarsa da 'ya'yansa su fake a inuwarsa. Irin su Suwidin da Norwe kuwa, zamanka ɗan ƙasa ya isa, a karɓi haraji mai yawa a yi wa kowa hidima iri ɗaya.

Na zauna na yi ƙoƙarin saka Baba a ɗaya daga cikin gidajen nan, bai shiga ko ɗaya ba. Saudiyyar ma kanta ba ta shiga. Ba a karɓar harajin albashi a nan, man fetur ke ɗaukar yawancin nauyin. Ɗan ƙasa yana da asibitin gwamnati da makaranta kyauta, da tallafin Hisabul Muwaɗin da aka fara biya a watan Disambar 2017, sai ka ce Suwidin. Fanshonsa kuma na zubi ne, sai ka ce Jamus. Baƙo kuwa lafiyarsa tana hannun inshorar da mai aikinsa ya saya masa, ranar da aiki ya ƙare ita ma ta ƙare, iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta bi bayanta. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 a ƙasar, miliyan 13.4 daga ciki baƙi ne. Ga mutane biyu a ofis ɗaya, kwandishan ɗaya ke hura su, sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin kamfani, amma kowanne da duniyarsa, kuma launin fasfo ne ya raba.

To balle gida. Rabe-raben nan uku duk sun tsaya ne a kan mutum mai takardar albashi, wanda hukuma ta san sunansa, ta san abin da yake samu, za ta iya cirewa tun daga tushe. A Najeriya akwai irin wannan tsarin: dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai aiki ya zuba 10. A takarda ba ta da aibu. Amma manomin gero, da mai tura ruwa, da mai ƙosai, da ɗan acaɓa, waye zai cire musu kashi 8 na me? Mafi yawan masu neman abinci a ƙasar ba su taɓa ganin takardar albashi ba. Tambayar masanin ita ce yadda za a kuɓutar da mutum daga dogaro da kasuwar ƙwadago. Mu kuwa matsalarmu ita ce samun shiga kasuwar tukuna. Wanda ya auna mu da wannan mudun, dole ya ga babu komai, kamar yadda yaron nan ya gani.

Wasu masana biyu 'yan Birtaniya, Ian Gough da Geof Wood, sun lura da wannan giɓin a 2004. Suka ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi akwai wani tsarin daban, inda dangi da unguwa da ubangida ke riƙe mutum, akwai kuma wanda ya fi shi muni, inda yaƙi ko rushewar hukuma ke sa dangin ma su kasa. Na biyun na gan shi a fuskar wani Bahaushen Sudan da muke sallar Juma'a tare. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 albashinsa ɗaya ke ciyar da gidaje huɗu, wasu danginsa kuma tukunyar unguwa da suke kira takaya ce ta riƙe su.

Na yarda sun fi kusa da gaskiya. Na kuma yarda da gargaɗinsu cewa kariyar da ke zuwa ta hannun ubangida tana da farashi: wanda ya biya maka kuɗin asibiti yau, gobe ba ka isa ka ɗaga masa murya ba, kuma ba kotun da za ka kai shi idan ya juya maka baya. Zumunci kuma yana iya ɗaukar ciwon mutum ɗaya, amma idan fari ya zo, ko 'yan bindiga suka tashi gari, ko farashi ya haukace kamar bayan cire tallafin mai a 2023, mai taimako da mai neman taimako duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Kuma kowa ya san wa ke wanke tsoho, wa ke dama masa kunu: mata ne, ba a kuwa rubuta musu lada a kowane littafin albashi.

Duk da haka sunan da suke ba abin ba ya yi mini daɗi. Wai tsari marar ƙa'ida. Wa ya ce ba shi da ƙa'ida? Ku da ke gida kun san abin da ke faruwa da wanda ba ya kai gudummawa, ba ya zuwa gaisuwar mutuwa, ko ya ci adashi ya ɓace. Akwai zubi, akwai lokacin ɗauka, akwai hukunci, littafin ne kawai yake a zukatan mutane. Baba ya yi shekara 20 yana zubi a wannan asusun. Ni nake cike masa takardar aika kuɗi, na sani. Ya aurar da 'ya'yan ƙanensa biyu, ya rufa wa masallacin ƙauye kwano, ba a taɓa yin azumi bai aika da buhun sukari ba. Da na tambaye shi, "Baba, yanzu ina za ka dosa?" sai ya ce, "Ɗana, gida mana. Ai ɗakina yana nan, an ma yi masa sabon daɓe."

Abin da ya kamata in faɗa wa yaron nan shi ne, ƙauyen da yake ganin ba shi da tsari shi ya raini Baba har ya yi ƙarfi, aka aiko shi nan da ƙarfinsa, yanzu kuma shi zai karɓe shi da raunin idonsa. Kuɗin ƙuruciyarsa da na tsufansa duk suna kan talakawan Daura, shekarun ƙarfin ne kaɗai Jidda ta gani. Rabe-raben Esping-Andersen suna duba kowace ƙasa ita kaɗai a cikin iyakarta, shi ya sa wannan lissafin ba ya fitowa a teburinsa. Saudiyya ta ba mu abin da gida bai ba mu ba, ba na musu, ina ci ina sha a cikinta. Amma fanshon direbobinta mu ke biya.

Ni shekarata 13 a nan. Ina biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamata, mata da 'ya'ya uku, 1,600 ke nan, don kawai su zauna kusa da ni. Saboda wannan kuɗin na rage abin da nake aikawa gida, bara ma ban je ba. Na fara lura kiran waya daga Katsina ya ragu. Yayata ta yi auren 'yarta, sai a hoto na gani, kuma ban ga laifinta ba, don sau biyu ta kira ina cewa zan turo. 'Ya'yana a nan aka haife su, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, kuma ranar da aikina ya ƙare su ma za a buga musu fita tare da ni. Shekaranjiya na kira yayar tawa, na miƙa wa babban ɗana waya ya gaishe ta. Ya rufe bakin wayar da hannu, ya tambaye ni a hankali: "Abba, wace Gwaggon ce?"