Zaman daidaita maki: mudun za a gyara, ba mutane za a rage wa tsawo ba

Lokacin cike fom ɗin kimanta aikin ma'aikata ya sake zagayowa, kuma na ga 'yan uwa da yawa suna kukan abu guda: "Ogana ya ba ni 4, da aka shiga mitin aka fito sai na ga 3." Wasu har sun yanke hukunci cewa wannan zama, wanda a ofis muke kira kalibireshan, inda manajoji ke haɗuwa su daidaita makin da kowannensu ya ba mutanensa, ba komai ba ne illa wurin da manajoji ke kulle ƙofa su yanke wa talaka bonas. Na shiga irin wannan zama shekaru da dama a matsayin manajan tallace-tallace a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, kuma ina goyon bayansa. Amma ina goyon bayansa ne bisa sharaɗi, domin na ga inda ya ƙwato wa mutum haƙƙinsa, na kuma ga inda ya danne shi.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi ya san ba kowane mudu ne mudu ba. Wani an bubbuga gindinsa, wani a cika shi har ya yi tozo, wani a shafe bakinsa. Haka manajoji suke. Kamfani ya ba mu ma'auni daga 1 zuwa 5, ya ce 3 na nufin mutum ya yi abin da ake bukata, 4 ya zarce, 5 ya yi fice. Amma 3 ɗina ba 3 ɗin maƙwabcina ba ne. Ba ma zato ba ne wannan: wani bincike da Scullen da Mount da Goff suka wallafa a 2000, a kan manajoji 4,492, ya gano cewa fiye da rabin bambancin da ke cikin makin da ake bayarwa daga ɗabi'ar mai ba da makin yake fitowa, ainihin aikin wanda ake aunawa kuwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wato makinka ya fi ba da labarin oganka fiye da labarinka.

Ga yadda na gani da idona. Mu manajoji 5 ne, ma'aikata 47. Kafin zama, sashen kula da ma'aikata ya tattara makin wucin gadi da kowa ya bayar, ya haska mana a bango. Ina da mutum 9: biyu na ba su 4, shida 3, ɗaya 2, matsakaici 3.1. Abokin aikina yana da mutum 11: huɗu ya ba su 5, shida 4, ɗaya tak 3, matsakaici 4.3. Kaya iri ɗaya muke sayarwa, kuma a ƙarshen shekara cinikin ɓangarorinmu bai yi wani nisa da juna ba. To ina wannan tazara ta fito? Ni hannuna a matse yake, shi nasa a sake. Kuma maganar kuɗi ce, domin a tsarinmu mai 5 yana karɓar bonas na albashin wata biyu, mai 4 wata ɗaya, mai 3 rabin wata, mai 2 ba shi da ko sisi. Ga mai albashin Naira 200,000, tsakanin 5 da 3 akwai Naira 300,000. Kuɗin makarantar yara ke nan, ko wani kaso na kuɗin haya.

Sai Hajiyar da ke jagorantar zaman ta ɗauko mutum biyu ta jera su. Nawa, mai 3, ƙauyuka yake yawo, hanyoyin da in damina ta sauka mota ba ta shiga. An yanka masa cinikin miliyan 60, ya yi 57, wato kashi 95 cikin ɗari. Na abokina, mai 5, a cikin gari yake, an yanka masa miliyan 60 shi ma, ya yi 66, kashi 110. A wannan layin kaɗai ba gardama. Sai ta ce, "A buɗe mana shafin bashi." Nawa miliyan 1 kacal ya rage a hannun 'yan kasuwa. Na abokina miliyan 14 ke waje, sun haura kwana 90. Kuɗin da ya shigo asusu ke nan: mai 3 ya kawo miliyan 56, mai 5 ya kawo miliyan 52. Kuma karɓo bashi yana rubuce a cikin fom ɗin tun farkon shekara, ba ranar aka ƙirƙiro shi ba.

Ɗakin ya yi tsit. Ta juyo gare ni ta ce, "Malam, me ya hana wannan 4?" Na ce bai cika adadin da aka yanka masa ba. Ta ce, "Layi ɗaya ka duba cikin uku." Gaskiya ta faɗa. Shi kuma abokina ya kare yaronsa da hujja mai kyau: yawancin bashin nan shi manaja da kansa ya sa hannu aka bayar, bai dace a ɗora wa yaro duka ba. Aka karɓi wannan. Nawa ya hau 4, nasa ya sauko 4. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mun fita da ƙa'ida a rubuce: ba mai samun 5 in bashin da ya haura kwana 90 ya wuce kashi 10 na cinikinsa. Da wannan ƙa'idar muka koma kan sauran sunayen, nawa da na kowa.

Wannan shi ne aikin zaman. Ba don shi ba, da na tauye wa bawan Allah nan Naira 100,000 ina ganin adalci na yi, kuma ba wanda zai taɓa sani, har ni.

Shekarar da ta biyo baya ce ta ɓata mini rai, har yau kuma ban huce ba.

Umarni ya zo daga sama cewa dole kashi 10 na ma'aikata su faɗa 2 ko ƙasa. Cikin 47, mutum 5 ke nan, sai aka ce kowane manaja ya kawo ɗaya. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Jack Welch ne ya shahara da ita a General Electric: kashi 20 a sama, 70 a tsakiya, 10 a ƙasa. Microsoft ma ta daɗe tana jera ma'aikata haka, har ta yi watsi da tsarin a 2013. Ko a ce lissafin yana da ma'ana a kan dubban mutane, ba shi da ita a kan mutum 7. Ƙungiyar mutum 7 tana iya kasancewa duk ƙwararru ne, ta mutum 12 kuma tana iya ɗauke da ragwaye uku. In ka ce kowa ya kawo ɗaya, ka hukunta manajan da ya iya zaɓen mutane da horar da su, ka kuma rufa wa ragwaye biyu asiri a wancan ɓangaren.

Daga ranar zaman ya tashi daga awo ya koma ciniki. "Ka bar mini wannan a 4, ni kuma ba zan taɓa naka ba." Mai babbar murya ya tsira da mutanensa. Manajan da ke da mutum 7 a cikinmu yana kan hanya, waya tana yankewa, sai aka zaɓa masa. Wa aka zaɓa? Wata baiwar Allah da ta yi hutun haihuwa a tsakiyar shekara. Aka ɗauki cinikinta na watannin da ta yi aiki aka gwada da adadin wata 12, aka ce ta gaza. Da an raba adadin bisa watannin da take bakin aiki, ta zarce shi. Na yi magana, aka ce lokaci ya ƙure, kuma ai dole wani ya cike gurbin. Sai da manajanta ya dawo ya rubuta ƙorafi aka mayar mata da 3, bayan an riga an biya kowa bonas, an kuma riga an gaya mata cewa ita ce ta ƙarshe a ɓangarenta. Kuɗin ya zo daga baya. Kalmar da aka gaya mata kuwa ba ta gogu ba, kafin shekara ta zagayo ta ajiye aikin.

Batun lokacin nan ma a dube shi. Awa 3 aka ware, minti 180, a raba wa mutum 47: bai kai minti 4 ba kowanne. Abin da ke faruwa shi ne sunayen farko su cinye minti goma sha biyar-biyar, na ƙarshe kuma a wuce su da "akwai mai magana? babu, mu je." Ba kowane suna ke bukatar muhawara ba. Waɗanda za a zauna a kansu su ne duk mai 5, duk mai 2 ko 1, da waɗanda ke kan iyaka tsakanin 3 da 4, sai kuma duk wanda ya yi dogon hutu ko aka sauya masa oga a tsakiyar shekara. Kafin a taɓa ko suna ɗaya, a ɗauko fom biyu ko uku na bara a goge sunayen, kowane manaja ya ba su maki shi kaɗai, sannan a buɗe. Nan take za ka ga mai matsewa da mai sakewa, tun ba a sa ɗan kowa a faranti ba.

Kuma a hana kalmomin da ba su da shaida. "Yaron nan yana da rawar kai." "Ba ta da fara'a." "Ban cika ganinsa ba." Wanda yake ƙauye yana karɓo kuɗi, yaushe za ka gan shi? Duk wanda zai ɗaga maki ko ya sauke shi, ya faɗi abin da mutumin ya yi, a wane wata, da abin da ya haifar. In abin da ake tunawa duk na wata biyun ƙarshe ne, to ba shekara ake aunawa ba.

In kana son sanin ko zaman kamfaninku awo ne ko ciniki, ba sai ka shiga ɗakin ba. Tambayi maki nawa aka sauya, nawa suka hau, nawa suka sauka. Zaman gaskiya yana ɗaga wasu ya sauke wasu, domin masu matsewa da masu sakewa duk suna ɗakin. In duk sauyin ƙasa ya yi, kasafin bonas ake daidaitawa, kuma gara a fito a faɗa wa mutane cewa kuɗi ne bai kai ba, da a ce musu aikinsu ne bai kai ba. Duba kuma ko akwai manajan da shekara uku a jere ba a taɓa sauke mutuminsa ba, da ko kowane sauyi yana da dalili a rubuce.

'Yan uwana manajoji, saura namu. Kada ka gaya wa yaronka makinsa kafin zama, domin alkawari ne da ba naka ba ne ka cika. In kuma an fito, kada ka ce masa, "Ni 4 na ba ka, su suka rage." Ka wanke kanka, amma ka bar shi da abokan gaba marasa fuska, kuma bai san abin da zai gyara ba. Yaron abokina da aka sauke daga 5 zuwa 4, ogansa ya zaunar da shi ya buɗe masa shafin bashin nan, ya nuna masa miliyan 14 ɗin shago bayan shago, ya ce masa, "Wannan da wannan ni na sa hannu, laifina ne. Waɗannan shida kuwa naka ne, ina son ganin kuɗinsu kafin ƙarshen Maris."