Taswirar gidaje daga hoton sama: a duba inda kuskure ya nufa kafin a biya kuɗin aiki

Jihohi irin su Kaduna da Kano sun kafa hukumomin taswirar filaye ta kwamfuta, kuma ɗaya daga manyan ayyukan da ake yi a wannan fage shi ne zana iyakar kowane gini daga hoton da jirgi ya ɗauko. Ra'ayina shi ne kada a karɓi irin wannan aiki da lamba guda ta kuskure kawai. Sai mai kwangila ya nuna girman kuskuren da kuma ɓangaren da ya karkata.

Abin da mai zane ke gani a allo rufi ne, alhali abin da ake so a taswira shi ne inda bango ya taɓa ƙasa. Kwanon rufi kan zarce bango, ga kuma jirkicewar hoto: duk ginin da ya yi nisa da tsakiyar hoto, samansa kan kwanta zuwa waje. Lissafinsa `d = r × h / H`, inda `d` ce gocewar, `r` nisan rufin daga tsakiyar hoto, `h` tsayin ginin, `H` kuma tsayin da jirgi yake a sama. A ce rufin bene mai tsayin mita 9 ya bayyana nesa da tsakiyar hoto da mita 60, jirgi mara matuƙi kuma yana sama da mita 120. Rufin zai goce daga tushe da mita 4.5, wanda ya isa ya jefa gidan mutum cikin fulotin maƙwabcinsa. Shi ya sa gwanin zane yake bin siffar rufi tukuna, sannan ya ja zanen gaba ɗaya har ya hau gindin bangon da ake iya gani. A tsohon birnin Kano, inda soraye suka haɗa bango kuma launinsu ɗaya da ƙasa, ko wannan dabarar ba ta wadatar ba, sai an taka an gani.

Gwajin daidaiton taswirar kansa ba shi da wuya. Safiyo zai auna wurare a ƙasa da na'urar tauraron ɗan'adam mai daidaiton santimita kaɗan, wuraren da ba sa rikitarwa a hoto, kamar kusurwar kwalbati ko ta daɓen siminti. Ƙa'idar Amurka ta 1998, wadda masu wannan sana'a da yawa ke bi, ta nemi aƙalla wurare 20, a warwatse a faɗin yankin. Sharaɗin da aka fi karyawa shi ne kada a yi gwaji da wuraren da aka daidaita hoton da su tun farko. Wannan tamkar ɗalibi ne ya duba takardar jarrabawarsa da kansa.

Ga misali. An gwada wurare 20, aka cire awon safiyo daga awon taswira a kowanne. Ma'aunin da ake kira `RMSE`, wato a ninka kowane bambanci da kansa, a ɗauki matsakaici, a fitar da tushensa, ya ba da mita 1.3 ta gabas da 0.5 ta arewa. Haɗe sun kai kusan 1.4. Jami'in da ya ga 1.4 kaɗai zai ce masu zane sun yi sakaci, ko ya ce ba laifi ya sa hannu. Duka biyun kuskure ne. Da ya duba matsakaicin bambancin ba tare da ninkawa ba, zai ga ta arewa kusan sifili ne, amma ta gabas 1.2 ne, kusan dukan wuraren sun nufi ɓangare guda. Hannun ɗan'adam ba ya ɓata haka. Hoton ne kacokan ya zame. Idan aka mayar da shi yamma da mita 1.2, gabas ta koma 0.5, jimla kuma 0.7. A ninka da 1.7308, kamar yadda ƙa'idar ta Amurka ta tanada, sai a ce kashi 95 cikin 100 na wuraren suna cikin mita 1.2 daga gaskiya. Wannan ninki kuwa bai halatta ba sai an kawar da zamewar.

Idan gocewar ta kai gomman mitoci kuma iri ɗaya ce ko'ina, a fara zargin tsarin awo. Tsofaffin takardun safiyo a Najeriya suna kan tsarin Minna, sabbin hotuna kuwa galibi suna kan `WGS 84`. A Kano ko Kaduna, `EPSG:26332` na Minna da `EPSG:32632` na `WGS 84` duk shiyya ta 32 ce a tsarin UTM, lambobin awonsu sun yi kama, don haka manhajar taswira ta QGIS za ta ɗora su ba tare da ƙorafi ba idan aka laƙaba wa ɗaya sunan ɗaya.

Masu kwangila kan ce awon safiyo na da tsada. Gaskiya ne, amma wurare 20 a unguwa guda ba su kai wahalar sake zana gidaje dubbai ba. Iyakar da ya kamata a sani ita ce gwajin kwalbati yana tabbatar da hoto ne kawai. Don a gwada zanen kansa, dole safiyo ya auna kusurwoyin bangon wasu gine-gine, har da benaye, a ba da sakamakonsu daban.