An kama ni da maguɗin da ko iya shi ban yi ba

Duk wanda ya taɓa shiga tawaga ɗaya da ni a gem ɗin harbin nan ya san matsayina. Ni ne wanda ake turawa gaba don a gane inda abokan gaba suka ɓuya. To ni ɗin nan aka kora saboda maguɗi, ranar Asabar, a ɗakin Dogo, gaban kowa da kowa.

Mun haɗa kuɗin mai, an tayar da janareta, kowa ya buɗe laftof ɗinsa. Na danna shiga, sai wani jan rubutu ya cika allo: an rufe akawun ɗinka har abada saboda amfani da haramtacciyar manhaja. Na rufe, na sake buɗewa, ko dai idona ne. Yana nan daram. Na yi ƙoƙarin sunkuyar da murfin laftof ɗin a hankali kamar mai gyara zama, ashe yaron maƙwabcin Dogo, wannan mai zuwa kallo ba gayyata, yana tsaye a bayana. Yaron da ko gaisuwa sai an roƙe shi, ranar nan ya karanta Turancin nan tiryan-tiryan da ƙarfi, har da fassara wa waɗanda ba su ji ba. "Kawu, wai an ce kai ɓarawo ne."

Ɗaki ya yi tsit. Sai Dogo ya cire abin kunnensa, ya juyo da kujera gaba ɗaya, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Mutumina, da maguɗin ma haka kake bugawa?" Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Wani ya faɗo daga kan katifa don dariya. Na ce ban yi komai ba, Dogo ya ce haka kowa yake cewa. Na rantse, ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Har yau ban gane wane ne ɓeran, wane ne daddawar a wannan magana ba, amma an tafa masa. Suka fara wasa ba ni, aka miƙo mini kuɗi wai tunda ina zaune in sayo ruwan leda.

Washegari na kai laftof ɗin wajen ƙanen matata a Farm Centre. Tambayarsa ta farko, "Yaya, me ka saka a cikinta kwanan nan?" Na ce ba komai, sai wata 'yar manhaja da ke nuna zafin na'ura a gefen allo, saboda a watan Afrilu laftof ɗin nan kan ɗau zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya. Ya ce in zauna.

Bayaninsa shi ne, manhajar hana maguɗi ba kallon wasanka take yi ba balle ta ga kai abin tausayi ne. Babban aikinta leƙen ram, wato inda gem yake ajiye bayanansa yayin da yake gudana: inda kowane ɗan wasa yake, jininsa, harsashinsa. Mai maguɗi abin da yake nema ke nan. In ya karanta wurin, zai ga mutane ta bayan bango. In ya cusa nasa umarnin, bindiga za ta riƙa saita kai da kanta. Hanyar da aka fi bi ita ce a cusa wani fayil mai ƙarshen `.dll` cikin gem ɗin, a karkatar da wani aikinsa ya fara bi ta wajen baƙon fayil kafin ya wuce. Don haka mai gadin yana neman abu biyu: gutsuren lambobin da aka riga aka san na manhajar maguɗi ne, da kuma duk wata alamar an taɓa jikin gem ɗin daga waje.

Matsalar, in ji shi, ita 'yar manhajata ba ta da hanyar rubuta lamba a kan hoton gem sai ta shiga ta wannan ƙofar. Sanannun irinta an saka su a jerin waɗanda aka yarda da su. Tawa kuwa daga wani lungun intanet na samo ta, ba sa hannun kowa a kanta. Kamar ɗan sintiri ne da aka ce ya kama duk wanda ya haura katanga: ba ruwansa da ko ɗan gidan ne ya manta makulli.

Na ce to ai na yi makonni da saka ta, me ya sa sai ranar Asabar, gaban Dogo? Ya ce da gangan suke jinkirtawa. In aka kore ka nan take, mai ƙera maguɗi zai gane abin da ya tona shi, ya gyara kafin dare. Sai su yi shiru, su tara sunaye, su share su rana ɗaya. Dalilin da ya sa ko ka rubuta ƙorafi ba za su gaya maka abin da suka gani ba ke nan. Na rubuta ɗin kuwa, doguwar wasiƙa har da tarihin yadda nake shan kashi a matsayin hujja. Amsar da ta zo layi biyu ce, wai sun bincika, hukunci yana nan.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne jin cewa manya ma sun faɗa ramin. A watan Oktoba na 2023, kamfanin AMD ya fitar da direba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoton kwamfuta, mai wani abu da ake kira Anti-Lag+, don rage jinkiri tsakanin danna linzami da motsi a allo. Yadda aka gina shi, yana karkatar da ayyukan cikin fayilolin gem ɗin Counter-Strike 2, daidai yadda maguɗi yake yi. VAC, mai gadin kamfanin Valve da ya ƙera gem ɗin, ya hau korar mutanen da laifinsu kawai sabunta direba. Sai da AMD ya janye direban, Valve ya mayar wa mutane akawun ɗinsu. Su sun yi yawa, kukansu ya kai. Ni kuwa da 'yar manhajar zafina, ina jin mu uku ne a duniya.

Sai ƙanen matata ya ƙara da wani labarin da ya hana ni barci. A 2024 an gano cewa mai gadin gem ɗin Call of Duty, Ricochet, yana neman wasu kalmomi a ram, irin su `Trigger Bot`. Wani ya gane cewa in ya tura maka kalmar a saƙo cikin gem, za ta sauka a ram ɗinka, a ɗauka kai ne mai maguɗin. Kamfanin ya toshe kafar ya mayar da waɗanda abin ya shafa. Ba gem ɗinmu ba ne, na sani. Amma tun daga ranar nake bin tsofaffin saƙonnin Dogo ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya riƙe mini caja tun kafin azumi, ya ce wai tasa ce don tana da baƙin salatif, alhali ni na naɗa salatif ɗin da hannuna a ɗakinsa, yana kallo, har shi ya miƙo mini almakashi. Mai iya wannan, me zai gagare shi? Ban samu komai ba sai "kana ina" da "taho da burodi", amma ban gama dubawa ba.

Na ce to bari in buɗe sabon akawun. Ƙanen matata ya ce kada in ɓata datata, irin wannan korar takan haɗa da lambobin jikin na'ura, na faifan ajiya da na babban allon ciki, sabon akawun ma yana shiga za a gane laftof ɗin. Dogo da ya ji haka ya aiko a tambaye ni ko zan sayar da ita da sauƙi, tunda yanzu ba ta da amfani. Ban ba shi amsa ba. Asabar mai zuwa dai an ce in zo, wai suna buƙatar mai duba man janareta.